Yadda ake bin diddigin maganar mai talla ba tare da cin fuska ba

Tambaya: Ina cikin kwamitin da zai sayo wa ofishinmu batiran sola. Wakilin wani kamfani ya ce mana batirinsu yana yin shekara goma, ni kuma na ce, "Ina hujjarka?" Nan take ya ɓata rai, abokan aikina suka ce na ci masa fuska. Zai dawo mako mai zuwa, yaya zan tambaye shi?

Amsa: Malama, neman hujja haƙƙinki ne, sai dai lafazin ya sauka a kan mutumin, alhali lambar da ya faɗa ce ya kamata ta sha tambaya. Idan ya dawo, ki fara da maimaita maganarsa, sannan ki nemi yadda aka kai ga lissafin: "Ka ce shekara goma, don Allah sau nawa aka ɗauka za a riƙa caja shi ana sauke shi a rana?" Wanda aka tambaya "ta yaya" yakan shiga bayani, wanda kuwa aka ce wa "ina hujja" kare kansa zai fara yi.

Dalilin zaɓen wannan tambaya shi ne, masu ƙera batir da yawan caji da saukewa suke auna rayuwarsa. Sau ɗaya a rana har shekara goma ya kama sau 3,650, don haka idan takardar kamfanin ta nuna 2,000, lissafin bai kai ko shekara shida ba, kuma ke ba ki ƙaryata kowa ba, takardarsa ce ta yi magana.

Daga amsarsa za ki ciro tambaya ta gaba, ɗaya bayan ɗaya, domin idan kika jero uku a tare zai zaɓi mai sauƙin ya bar sauran. Ki tambayi zafin da aka yi gwajin a cikinsa, saboda galibi a digiri 25 ake yi, zafin da ya wuce haka kuma yana rage kwanan batir. Sai ki ƙara da cewa, "A taimaka mini in fahimta, bayan shekara goman, kashi nawa na ƙarfinsa zai rage?" Kamfanoni da yawa suna ɗaukar batir ya gama aiki idan ya sauko zuwa kashi 80 cikin 100.

Idan ya kauce ya koma yabon kamfani, kada ki katse shi. Ki bari ya gama, ki gode masa, ki ce wataƙila ke ce ba ki fayyace ba, ki sake tambayar sau ɗaya, sannan ki yi shiru. A ganina tambayar da ta fi kowace tona gaskiya ita ce ta garanti: shekara nawa ya ƙunsa, kuma me ke soke shi? Idan garantin shekara biyu ne, ki roƙe shi cikin ladabi ya rubuto wa kwamitin abin da kamfanin zai ɗauka idan batirin ya mutu a shekara ta uku.