Magena tana kaɗa jela sai kuma ta ciji 'yata, haukacewa ta yi?

Tambaya: Salam likita, don Allah ina cikin damuwa. Magena shekararta 3 a wajenmu ba ta taɓa cizon kowa ba, jiya 'yata mai shekara 6 tana shafa ta a kan kujera, magen har tana kaɗa jela alamar tana jin daɗi, kawai sai ta damƙi hannun yarinyar ta gantsara mata cizo. Wani ya ce in dinga watsa mata ruwa ko in make ta duk sanda ta yi huci, wani kuma ya ce haukacewa ta fara in yar da ita. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ba yarinya lafiya. Kafin mu zo kan magen, hannun yarinyar tukuna. In haƙorin ya huda fata a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 sannan a kai ta asibiti yau ɗin nan, kar a ce ai ɗan ƙaramin rami ne, haƙorin mage siriri ne kamar allura, yana tura ƙwayar cuta can ciki sai bakin ciwon ya rufe a kanta, kuma a hannu kumburi da ja na iya tashi cikin kwana ɗaya. Ki gaya musu ko an taɓa yi wa magen rigakafin ciwon haukan kare, su za su yanke abin da za a yi wa yarinyar. Magen kuma a ajiye ta a sa mata ido kwana 10, kar ki yar da ita, don in kika yar babu wanda zai san halin da ta ƙare.

To yanzu jela. Wannan maganar ta "tana kaɗa jela alamar tana jin daɗi" wallahi kusan kullum sai na ji ta, kuma ita ce ke jawo wa yara cizo. Mutane sun ɗauko fassarar jelar kare sun ɗora wa mage, alhali ko a karen ma ba kowane kaɗa jela ne murna ba. Mage in ta yi murna da ganinki ɗaga jelar take yi sama tsaye cak, wani lokaci bakin jelar ya ɗan lanƙwasa kamar ƙugiya, ta taho tana goga jiki a ƙafarki. Wannan ita ce gaisuwarta, haka 'ya'yan mage ke tarar uwarsu. Amma in tana kwance ana shafa ta jelar ta fara motsi, da farko bakin kawai yana ɗan tsalle, can sai duka jelar tana sharar kujera dama da hagu, har ki ji tana bugawa fat fat, to cewa take ya ishe ni, a ɗauke hannu. Ƙarfin bugun yana nuna yadda ranta ya kai. In kuma gashin jelar ya tashi ta kumbura kamar buroshi, tsoro ne ya kama ta sosai, in ta naɗe ta a ƙarƙashin ciki ma tsoro ne ko rashin lafiya.

Kunne shi ke tabbatar miki. Kowane kunnen mage yana da tsoka 32 kuma tana iya juya kowanne shi kaɗai, don haka kunne ɗaya ya juya baya ba komai ba ne, wani sauti take bi. Abin lura shi ne duka biyun su bar kallon gaba su baje gefe kamar fikafikan jirgi, wannan takura ce. In suka kwanta baya suka manne da kai har kan ya zama kamar babu kunne, ta shirya kare kanta, a nan ko ni da nake aikin nan ba na miƙa hannu haka kawai.

An taɓa kawo min wani namijin mage wai yana cizo babu gargaɗi. Na ce wa mai shi ya ɗora shi a cinya ya shafa yadda ya saba, ni ina kallo. Ya fara daga kai ya gangara har gindin jela, ya sake, ya sake. A shafa ta huɗu fatar bayansa ta yi wani yarr kamar ƙuda ya sauka, bakin jela ya fara tsalle, a ta shida kunnuwa suka baje, baƙin idonsa ya buɗe, ya waiwayo ya kalli hannun ya ƙame. Na ce tsaya. Ya ɗauke hannu, magen ya dire ya koma gefe yana lasar jiki, ba cizo ba yakushi. Mutumin ya ce shekara nawa yana ganin wannan bai san magana ce ba. Ina kyautata zaton abin da ya faru a kujerarki kenan, kuma yarinya 'yar shekara 6 ba laifinta ba ne, ba a nuna mata ba.

Shi kuma mai cewa a watsa ruwa ko a make ta, don Allah ya daina ba mutane wannan shawarar. Huci da kwantar da kunne su ne ƙararrawar da ke ba ki damar janye hannun yaro. In duk sanda ta yi huci aka dake ta, abin da ke damunta yana nan bai tafi ba, kawai ta koyi cewa gargaɗi duka yake jawo mata, sai ta daina gargaɗin ta tafi kai tsaye ga haƙori, ga shi ta fara tsoron hannun mutum. Da hannunka ka mayar da dabba mai faɗa maka damuwarta ta zama mai cizo shiru, sannan ka dawo kana cewa ta haukace. Dabbar nan amana ce a hannunmu, ba ta da baki, da jela da kunne Allah ya ba ta ta yi magana, bai kamata a dake ta don ta yi ba.

Ga abin da za ki koya wa yarinyar. Ta miƙa yatsa ta bari magen ta zo ta shinshina da kanta. Shafa a kumatu, ƙarƙashin haɓa da gindin kunne, banda ciki da gindin jela. Ta shafa sau 3 sai ta tsaya, in magen ta turo kai a ci gaba, in jela ta motsa an gama. Kuma kina kusa duk sanda suke tare.

Don gyara tsakaninsu ku yi amfani da lumshe ido. Ƙura wa mage ido barazana ce a wajenta, amma in kika zauna ɗan nesa, kamar taku biyu, kika sassauta fuska kika lumshe ido a hankali kika buɗe, sau da yawa za ta mayar miki. A 2020 masu bincike a jami'o'in Sussex da Portsmouth a Ingila sun gwada wannan, suka ga maguna sun fi mayar da lumshewar in an yi musu, kuma sun fi matsowa wajen baƙon da ya lumshe musu ido kafin ya miƙa hannu. Sai dai ki bambance, lumshewar aminci ido biyu ne, a hankali, jiki a sake, kunnuwa a gaba. Idon da ya tsuke ya ƙi buɗewa, ga kunne a baje ga kai a sunkuye, ciwo ne. Kuma tunda shekara 3 ba ta taɓa cizo ba, ina so likitan dabbobi ya duba bayanta, haƙoranta da cikin kunnenta, wataƙila hannun yarinyar ya faɗa kan wajen da ke mata zafi ne. Kar ki ba ta farasitamol kafin ki kai ta, ƙwaya ɗaya na iya kashe mage.