Take ne Ko Batu?

"Bidiyona na masa ya tara masu kallo 40,000, na miyar kuka 3,000 kacal. Take ne ya jawo haka?"

Ɗan'uwa, kwatanta waɗannan biyun ba zai nuna maka komai ba, domin mai yiwuwa masa ta fi miyar kuka masu nema tun asali. Bidiyo ɗaya za ka riƙe, ka sauya take kawai, hoton bango ya zauna yadda yake. Sai ka duba `Impressions click-through rate` a YouTube Studio, wato kashi nawa cikin ɗari ne suka latsa bidiyon bayan an nuna musu take da hoton bangonsa, mako guda kafin sauyin da mako guda bayansa. Idan ya tashi, misali daga kashi 4 zuwa 6, aikin take ne. Amma a tsohon bidiyo za ka gwada, domin sabo masoyanka ne ke fara gani, komai ka rubuta za su latsa.