Wasiƙar da ɗana soja ya bar mini ta fito da mata da ɗa da ba mu san da su ba

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni dattijuwa ce a Tudun Wadan Zariya. Ɗana na fari soja ne, a nan Dafo aka horar da shi, ya rasu a bakin daga a jihar Borno wata biyar da suka wuce. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Ya bar ni, da matarsa da ke nan gida wadda ba su haihu ba, da ƙannensa maza biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ya rubuta a takardun aiki a matsayin makusanciyarsa. Da aka kawo akwatinsa, sai na ga wasiƙa da rubutun hannunsa a cikin aljihun rigar sanyi. Ya ce: "Inna ki yafe mini. Na yi aure a Maiduguri shekara uku ke nan, muna da ɗa namiji, na kasa gaya miki. Abokin aikina yana bina dubu ɗari takwas. Filina na Dakace na bar miki." Ƙannensa sun ce in ƙona takardar, tunda ni ce a rubuce komai nawa ne. Me doka ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ki haƙurin rashinsa. Ban ga wasiƙar da idona ba, ban kuma ji ta bakin sauran mutanen ba, don haka duk abin da zan faɗa a kan bayaninki na ɗora shi. Amma tun kafin komai, kada ki ƙona takardar nan, kada kuma ki bar ta a hannun wani.

Maganar cewa komai naki ne kuskure ce, kuma kuskure ne da kan raba kan iyalan sojoji da na 'yan sanda. Wanda ma'aikaci ya rubuta a matsayin makusanci, mutum ne da hukuma za ta nema idan wani abu ya faru, ta sanar da shi, sau da yawa kuma ta hannunsa ake biyan haƙƙoƙin mamaci. Wannan bai mai da shi magaji shi kaɗai ba. Ɗanki Musulmi ne, shari'ar Musulunci ce za ta raba abin da ya bari, kuma kotunanmu na Shari'a a jihar Kaduna kan mazhabar Malikiyya suke tafiya. Duk abin da ya shigo asusunki da sunansa, ki ɗauke shi amana har a yi rabo. Akwai saɓani tsakanin malamai a kan wasu kuɗaɗen, kamar inshorar rai da tallafin da hukuma ke bayarwa bayan rasuwa, ko gado ne ko kyauta ce ga wanda aka ambata, kuma sai an duba sharuɗɗan da aka biya su a kai. Albashinsa da ya rage, da ajiyarsa ta banki, da filinsa, waɗannan gado ne ba tare da wata tababa ba.

Ita wasiƙar, abu uku ta ƙunsa, kuma nauyinsu a gaban alƙali ba ɗaya ba ne.

Maganar filin Dakace ce mafi rauni, duk da na san ita ce ta fi taɓa zuciyarki. Idan wasiyya ce, to ba a yi wa magaji wasiyya, ke kuwa magajiya ce. Ba za ta zartu ba sai sauran magada sun amince, kuma yaro ƙarami ba ya iya amincewa, waliyyinsa ma ba shi da ikon kyautar da dukiyar maraya. Ƙari a kan haka, a Malikiyya takardar wasiyya da aka tsinta da rubutun mamaci, bai kafa shaidu a kanta ba, bai kuma ce a zartar ba, ba a cika aiki da ita ba, domin yana iya yiwuwa ya rubuta ne yana shawara da zuciyarsa. Idan kuma aka ce kyauta ce, kyauta tana cika ne da karɓa tun mai bayarwa yana da rai. Da a ce ya miƙa miki takardun filin, kin kewaye shi ko kina noma shi da sunan naki, kuma akwai waɗanda suka sani, da maganar ta sauya. A yadda kika bayyana, sai bayan rasuwarsa kika ji, saboda haka ina ganin filin zai koma cikin gado.

Bashin dubu ɗari takwas ya fi ƙarfi. Iƙirari ne mutum ya yi a kan kansa, kuma idan mutum biyu adalai da suka san rubutunsa suka tabbatar hannunsa ne, alƙali zai iya karɓa. Galibi za a nemi mai bin bashin ya zo ya rantse cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba, tunda wanda ake bi ba ya nan balle ya kare kansa. Bashi yana gaban wasiyya da gado, bayan kuɗin jana'iza shi ake fara cirewa.

Sai babbar maganar, matar da yaron. Wasiƙar kaɗai ba ta isa ta tabbatar da aure ba, amma ta buɗe ƙofa sosai. Ana tabbatar da aure da shaidar maza biyu adalai, ko da shahara, wato mutanen unguwa sun san su a matsayin mata da miji. Auren da aka ɗaura a Maiduguri yana da waliyyi, da wakilin ango, da limamin da ya ɗaura, da waɗanda suka ci goro. Wataƙila ma ya sanar da bataliyarsa an shigar da auren da haihuwar a fayil ɗinsa, ya kamata a bincika. Idan auren ya tabbata, kuma an haifi yaron bayan aƙalla wata shida da auren, ɗansa ne a shari'a, ba a buƙatar yardar kowa a cikinku. Ɓoye wa uwa aure abin ɓacin rai ne, amma ba ya ɓata auren, domin namiji baligi ba sharaɗi ba ne sai da izinin mahaifiyarsa. Abin lura kuma, ko da ke kin gamsu jikanki ne, faɗarki ke kaɗai ba ta tabbatar da nasaba. Ƙannensa biyu kuwa, in adalai ne suka amsa cewa ɗan yayansu ne, maganarsu tana iya tabbatar da ita.

Bari mu yi lissafi, domin a nan za ki ga abin da ba a gaya miki ba. Mu ƙaddara duk abin da ya bari, har da kimar filin, naira miliyan 8 ne. An cire bashin 800,000, saura 7,200,000.

Idan auren da yaron ba su tabbata ba, ke kina da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, saboda ya bar 'yan'uwa biyu, kuma su ne suka sauko da ke daga sulusi. Naki 1,200,000 ke nan. Matarsa ta gida tana da rubu'i, 1,800,000. Ragowar 4,200,000 ta ƙannensa ce, kowa 2,100,000.

Idan auren da yaron suka tabbata, naki yana nan a sudusi, 1,200,000, ko kwabo bai ragu ba. Matan biyu za su raba sumuni, ɗaya cikin takwas, wato 900,000, kowacce 450,000. Ragowar 5,100,000 ta yaron ce. Ƙannen marigayi ba su da komai, domin ɗa namiji yana katange 'yan'uwa gaba ɗaya.

Hajiya, ba na son shiga tsakaninki da 'ya'yanki, kuma mai yiwuwa su ma ba su san wannan lissafin ba. Amma ki lura, masu ce miki ki ƙona takarda su ne rabonsu ke tafiya idan ta fito, ke kuwa za ki ɗauki alhakin maraya a kan abin da ba zai ƙara miki komai ba. Ƙona ta ma ba zai kashe maganar ba. Matar tana da rai, danginta suna nan, abokin aikinsa mai bin bashi ya san gidanku. Ranar da suka shigar da ƙara, alƙali yana da ikon rushe rabon da aka yi a dawo da kuɗin, ko da an kashe su, kuma lalata shaida da gangan ko cin dukiyar da aka riƙe amana laifi ne da zai iya kai mutum gaban kotun hukunta laifuka. Wadda za ta fi jin jiki cikin marasa laifi ita ce surukarki ta gida, da rabonta zai sauko daga 1,800,000 zuwa 450,000, ga kuma labarin kishiya a kan zafin rashin miji. A gaya mata da lallami, ta bakin wanda take jin nauyinsa, kuma a bar iyayenta su zauna a duk zaman da za a yi.

Abin da nake ba ki shawara shi ne a dakatar da rabo tukuna. A ɗauki hoton wasiƙar gaba da baya, a ajiye ainihinta a cikin leda yadda take, ba rubutu a kai, ba a liƙe ta da roba mai zafi ba. A nemo tsofaffin rubuce-rubucensa, ko littafin lissafi ko wata wasiƙar da ya taɓa aiko miki, domin da su za a gwada hannu. Wayarsa in ta dawo, kada a goge komai a cikinta, kada a sauya layi. Sannan a tura dattawa biyu daga dangin mahaifinsa, tare da malami guda, su je Maiduguri su ga waliyyin matar, su ji ranar ɗaurin aure, nawa ne sadaki, an biya duka ko da saura, su wa suka halarta, su ga takardar haihuwar yaron. In da sauran sadaki, shi ma bashi ne, a gaban gado yake.

Idan abin ya tabbata, ni ban ga dalilin shari'ar ja-in-ja ba. Irin wannan ƙarar takan ɗauki lokaci mai tsawo, a yi ta jigilar shaidu daga Borno, a ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, kuɗin mota da na lauya su cinye rabon yaron. Ku zauna gaban limaminku ko mai unguwa ku daidaita, sannan ku kai yarjejeniyar Babbar Kotun Shari'a a nan Zariya, alƙali ya saurari shaidu, ya ƙididdige magada, ya raba a rubuce. Sulhun da ya shafi dukiyar maraya ba ya tsayuwa da sa hannun dangi kawai. Takardun banki da na Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja aikin yau da kullum ne, kowane lauya zai bi muku, sai dai kada ki sa hannu a takardar rantsuwa mai cewa marigayi bai bar ɗa ba, tunda yanzu kin san akwai magana.

Filin Dakace, in ranki yana kansa, ki roƙi kotu a yi masa kima a sa shi cikin rabonki, in kimarsa ta haura sudusinki ki cika bambancin. Alƙali zai iya yarda muddin ba a tauye yaron ba. Game da riƙon yaron kuma, kada a je Maiduguri da niyyar ɗauko shi. Uwarsa ce ta fi cancanta da renonsa, a Malikiyya ma kakarsa ta wajen uwa tana gabanki a jerin masu reno. Abin da za ki iya nema, kuma ina ganin za a ba ki, shi ne kotu ta naɗa amintaccen mai kula da dukiyarsa, a buɗe asusu da sunan yaron wanda ba a cire komai sai da izinin alƙali, a kuma rubuta lokutan da za a riƙa kawo miki shi Zariya.