Kwafi dubu biyar a kwandon shara

"Maigida, in an ba ni rubutu in sake masa zubi da Hausa, karin magana nawa ya kamata in sa don ya yi armashi?"

Kai yaro, tumatir ne da za a ƙirga maka? Zauna ka ji.

A 2019, da aka rufe boda a watan Agusta, shinkafar waje ta yi tashin gwauron zabo. Wani dillali a kasuwar Daleko da ke Legas ya kawo min tallar shinkafar gida da Turanci, shafi ɗaya, sakin layi biyar, wai in mai da ita Hausa don mutanenmu na Agege da Mile 12. Na sa karin magana guda a ƙasa: sayen nagari, mai da kuɗi gida. Ya zauna daram. Mutumin ya ce bai ga Hausa ba, shi dai kowane sakin layi a ba shi nasa, ai kuɗinsa ne. Na biye masa, abin da har yau nake cizon yatsa a kai. Na ƙara "kowa ya bar gida, gida ya bar shi", na lalubo wasu biyu da ƙyar. Na biyar ya gagara, dare ya yi, sai yaron da nake da shi lokacin ya cike gurbin da "da babu gara ba daɗi". Wai nufinsa tunda ta waje babu.

To me ka gaya wa mai saye? Ka ce masa shinkafar ba daɗi, ya ci da haƙuri. Kwafi dubu biyar muka buga a Shomolu. Washegari 'yan dako na karantawa suna ƙyaƙyata dariya a gaban shagonsa. Ya hana ni cikon kuɗina, kuɗin takarda da na bugu duk a kaina, kuma shi da ya matsa ko "yi haƙuri" bai ce ba. Allah ya isa.

Karin magana hukunci yake yankewa, kullum akwai wanda yake yabo ko yake zunguri. Kafin ka sa shi, faɗi ma'anarsa da magana tsurarta, ka ga a kan wa ta faɗa. Ku yaran yanzu sai ku kwaso daga waya don kun ga kalma ta yi kama.

Shafi ɗaya, guda ɗaya ya ishe ni, kuma sai bayan maganar ta gama fita. Sauran armashin a salon magana yake: "ya yi ɓatan dabo", "ta sha da ƙyar". Waɗannan cikin jimla suke narkewa, ba sa tsayar da mai karatu. Ka kuma tuna wanda aka haifa a Idi-Araba ba lallai ya san na kakanni ba, kada ka yanke masa rabi ka ce ya ƙarasa.

Miƙo takardar nan. Uku na hango tun daga nan, soke biyu.