Likita, Wane Ƙarfe Zan Fara Ɗagawa?

Likita, ina tura kilo 60 sau 10 a kwance kan benci. Da na miƙe in tura sama da kai, kilo 30 ma sai ya gagare ni a na shida. Kafaɗata ce ba ta da ƙarfi? (Wani matashi daga Kano)

Kafaɗarka lafiya lau, ɗan'uwa, a gajiye ta iso wurin. Turawa a kwance da turawa sama duk tsokoki iri ɗaya suke tatsa: ta bayan damtse da ta gaban kafaɗa. Ƙirjin ne kawai ya sami hutu da ka miƙe, su kuwa an sake ɗora musu kaya.

Ka raba su da atisayen ja. Yi benci zagaye uku, kana hutawa minti biyu zuwa uku tsakani. Sannan ka sunkuya ka ja ƙarfe zuwa cikinka, shi ma zagaye uku. A nan baya da gaban damtse ne ke aiki, masu turawa kuma sun sami kusan minti goma suna farfaɗowa. Sai ka dawo kan kilo 30 ɗinka.

Ka kuma riƙa ƙirga sau nawa ka ɗaga a kowane zagaye. Idan zagayen sun tafi 10, 9, 8, gajiyar da ake so ce. Idan sun faɗi 10, 6, 4, hutun ya yi kaɗan ko ƙarfen ya yi nauyi: ƙara minti ɗaya, in bai gyaru ba ka rage kilo biyu da rabi. Na fi son in ga ka rage nauyi da in ga kana gantsare ƙugu don ƙarfen ya hau, domin da yawa ta nan suke zuwa mini da ciwon baya.

Dole ne kullum a fara da babban atisaye? (Wata baiwar Allah daga Zariya)

Ba dole ba ne, 'yar'uwa. Abin da aka sa a farko shi ya fi ƙara ƙarfi, amma wajen girman tsoka bambancin kaɗan ne. Fara da wurin da ya fi ja miki baya. Sai dai duk ƙarfen da zai iya danne mutum in hannu ya saki, a yi shi tun jiki bai mutu ba.

Ina tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, in bi shi da ɗagowa daga ƙasa. Washegari ƙuguna kamar ya tsage. (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Ƙasan bayanka ne ke riƙe ka a duka biyun, kuma idan ya gaji sai ya fara lanƙwashewa ba ka sani ba. Raba su, ɗaya Litinin ɗaya Alhamis. In dole a rana ɗaya, na biyun ya zama mara nauyi, zagaye biyu kacal.

Tsamin jiki yakan tsananta a kwana na biyu, ya lafa da kansa. Amma idan zafin na sauka ƙafa da mutuwar yatsu, ko fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ajiye ƙarfen ka je asibiti a ranar. Irin wannan fitsarin alama ce tsoka ta ruguje, kuma yana iya taɓa ƙoda.