Take ne ya jawo masu kallo, ko batun kansa?

Tambaya: "Bidiyona na dambun nama ya ninka na kunun aya a yawan kallo. Take ne ko batu?"

Kwatanta bidiyo biyu masu batu daban ba zai ba ka amsa ba, domin mai yiwuwa masu neman dambu sun fi yawa tun asali. Ka tsaya kan bidiyo ɗaya, ka canza take kaɗai, hoton bango ya zauna yadda yake. A YouTube Studio ka duba CTR, wato kason waɗanda suka danna cikin waɗanda aka nuna wa bidiyon, na masu zuwa daga bincike kawai, mako biyu kafin canjin da mako biyu bayansa. Kada ka haɗa da kwanakin farko bayan ɗora bidiyon, lokacin mabiyanka ne ke dannawa. Kuma ka guji Babbar Sallah, neman dambu kan tashi da kansa.