Na biya kuɗin otel duka, an soke ɗakin: me zan rubuta wa ajans?

Tambaya: Malam, na biya wata ajans a nan Maradi jika 450 na sefa, kuɗin otel na kwana goma a Makka don Umra. Saura sati uku mu tashi suka ce an soke ɗakin. Kullum sai "ki yi haƙuri, Hajiya". Yaya zan rubuta musu su maido kuɗina ko su sama mini wani ɗaki?

Amsa: Hajiya, kafin ki rubuta komai, ki karɓi lambar rajistar ɗakin daga ajans, ki sa a aika wa otel ɗin saƙo a tambaye su abu biyu: wa ya soke, kuma kuɗin ya iso hannunsu? Sau da yawa ajans kama ɗaki kawai take yi ta hannun dillali, idan ranar biya ta wuce kuɗi bai shiga ba, otel ya saki ɗakin. In sun kasa ba ki lambar ma, ki yi zaton ba a taɓa kama ɗakin da sunanki ba.

Ko ma wa ya soke, ajans za ki bi, domin su suka karɓi kuɗinki suka ba ki resi. Rigimarsu da dillali ba taki ba ce.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya, a rubuta ta da Faransanci saboda tana iya kaiwa kotu, a sa mata kai `Mise en demeure`, wato gargaɗin ƙarshe. Ki faɗi ranar da kika biya, jika 450 ɗin a lamba da kalmomi, lambar resi, sunan otel, kwanakin shiga da fita, da ranar da aka sanar da ke sokewar. Kada ki sa zagi ko dogon labari.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen buƙata. In kika rubuta "wani ɗaki" kawai, za a iya kai ki masaukin da sai kin hau mota kafin ki isa Harami, a ce an cika alkawari. Ki rubuta cewa kina son otel mai daraja ɗaya da na farko, nisansa da Harami kada ya fi na farko, kwanaki goman nan dai, ba ƙarin ko dala, tare da sabuwar lambar da za ki tabbatar da kanki. In hakan ya gagara cikin kwana takwas, su maido kuɗin duka. Ni dai ban ba ki shawarar yarda da "mu ajiye miki sai wata tafiya" ba.

Ki kai kwafi biyu ofishinsu, su sa hannu da hatimi da kwanan wata a kan naki. Asalin resin kada ya bar hannunki. In sun ƙi karɓa, wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai isar da takardu, ya kai musu.

Wa'adi ya cika shiru, sai ki nufi kotu a Maradi. Dokar OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu bin dokar kasuwanci ɗaya wadda Nijar ke cikinta, ta ba alƙali damar ba da umarnin biya idan bashin yarjejeniya ne, adadinsa a fili yake, kuma lokacin biyansa ya yi. Resinki, amsar otel da wasiƙar mai hatimi su ne za ki haɗa da takardar ƙarar.